Kafin ka biya kuɗin inshora: tambayoyi da amsoshi kan gane kamfanin da ke biyan diyya

Tun bayan gobarar da ta cinye wani babban ɓangare na kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, 'yan kasuwa da dama a Kano suka fara sauraron maganar inshora da kunnen da ba su saba ba ta ba. Na daɗe ina yi wa masu shaguna aikin lissafi da tsara takardu, kuma tambayar da ta fi yawan zuwa gare ni ita ce wane kamfani ne zai biya idan abu ya faru. Tambayar tana kan hanya, domin wanda ya sayi inshora alkawari ya saya, kuma ba a sanin ingancin alkawari sai ranar cika shi. Sai dai akwai alamomin da mutum zai iya dubawa tun kafin ya miƙa kuɗinsa. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na kuma gina amsoshin a kan misali guda, wato ɗan kasuwar da ke son yi wa kayan shagonsa inshorar gobara, ko da yake yawancin bayanin ya shafi mai mota da mai gida ma.

Mene ne kason biyan diyya da kamfanoni ke tinƙaho da shi, kuma yaya ake lissafa shi?

Idan wanda ya yi inshora ya gamu da asara, yakan rubuta wa kamfani buƙatar a biya shi diyya. Kason biyan diyya, wanda za ka gani a shafukan kamfanoni da sunan `claim settlement ratio`, shi ne adadin buƙatun da kamfani ya biya daga cikin kowace ɗari da suka zo hannunsa a shekara. Ana haɗa buƙatun da suka shigo a wannan shekarar da waɗanda suka kwana daga shekarar baya, sannan a raba adadin waɗanda aka biya da wannan jimla. Kamfanin da ke da buƙatu 1,000 a gabansa, ya biya 970, kasonsa 97 cikin 100 ke nan.

Wannan ma'auni ya fi shahara a Indiya, inda hukumar kula da inshora ta ƙasar, IRDAI, ke wallafa alƙaluman kowane kamfani a rahotonta na shekara, musamman na inshorar rai. Asalin nan yana da amfani a sani. A inshorar rai, tambayar da ake yi ba ta da sarƙaƙiya: mutum ya rasu, an rubuta adadi a takarda, ko a biya magada ko a ƙi. A inshorar kayan shago kuwa, tsakanin biya da ƙin biya akwai fili mai faɗi, domin sai an ƙiyasta abin da ya ƙone, an tantance abin da ya tsira, an kuma yi jayayya a kan farashi. Ma'aunin da aka ƙera domin na farko ba ya auna na biyu daidai sai an haɗa shi da wasu.

Wani ejan ya nuna mini takarda cewa kamfaninsu yana biyan 97 cikin 100. Wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba, kuma a nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata, domin wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Kason da aka nuna maka yana ƙirga yawan takardun buƙata ne, bai ƙirga yawan kuɗin ba. A wurinsa, buƙatar mai motar da aka fasa wa fitila da buƙatar mai shagon atamfa da ya ƙone ƙurmus duk ɗaya suke, kowace ana ƙirga ta guda.

Bari mu ƙaddara kamfanoni biyu da alƙaluman da na tsara domin misali kawai. Kamfani na farko yana da buƙatu 1,000 a shekara, jimlar kuɗin da aka nema naira biliyan 2. Daga ciki, 900 ƙananan buƙatu ne na motoci, kowace wajen naira 500,000, wato naira miliyan 450 baki ɗaya, kuma ya biya su duka ba tare da gardama ba. Sauran 100 buƙatun gobara ne na shaguna da ɗakunan ajiyar kaya, jimlarsu naira biliyan 1 da miliyan 550. Ya biya 70 daga cikinsu, galibi ƙananan, inda ya fitar da naira miliyan 650. Talatin ɗin da suka rage, waɗanda su ne manyan, wasu ya ƙi su, wasu suna nan ana ta kai da kawowa.

A takardar talla wannan kamfani zai rubuta 97 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba, tun da 900 da 70 sun ba da 970. To amma idan aka duba kuɗi, ya fitar da naira biliyan 1 da miliyan 100 ne daga biliyan 2 da aka nema, wato 55 cikin 100. Idan kuma aka ware gobara ita kaɗai, wadda ita ce ta shafi mai shago, ya biya buƙatu 70 cikin 100, kuma kuɗin da ya fitar bai wuce kusan 42 cikin 100 na abin da aka nema ba. Mai shagon da ya sayi inshorar gobara a wannan kamfani bisa ganin 97 ya dogara ne da kyakkyawan tarihin da masu motoci suka samar.

Kamfani na biyu shi ma yana da buƙatu 1,000 na naira biliyan 2. Ya biya 900, kasonsa 90 cikin 100, ƙasa da na farko. Kuɗin da ya fitar kuwa naira biliyan 1 da miliyan 700 ne, wato 85 cikin 100. Wannan yana nuna cewa manyan buƙatu ba sa maƙalewa a hannunsa. Da ni ne mai shago, wurin na biyu zan tafi, ko da kuɗin inshorarsa ya ɗan fi tsada.

Saboda haka idan ejan ya nuna maka kaso, ka yi masa tambayoyi uku cikin girmamawa. Ka ce, "Malam, wannan kaso na yawan takardu ne ko na kuɗi? Na gobara kaɗai nawa ne? Kuma na shekaru ukun da suka wuce fa?" Tambayar shekarun tana da dalili, domin shekara guda tana iya yin kyau ko muni saboda gobara ɗaya babba, alhali shekara uku zuwa biyar suna nuna halin kamfani. Ka kuma lura da girman adadin da aka yi lissafin a kansa. Sabon kamfanin da ya karɓi buƙatu goma sha biyu ya biya su duka zai ce yana biyan 100 cikin 100, amma har yanzu bai gamu da ranar da za a gwada shi ba.

Idan an rubuta cewa an biya buƙata, hakan na nufin mutum ya karɓi abin da ya nema?

A'a. Buƙatar da aka nemi naira miliyan 10 aka biya miliyan 4 tana shiga lissafin waɗanda aka biya. Akwai kuma buƙatun da ake rufewa saboda mai su ya gaji da zirga-zirga ya daina bibiya, wasu kamfanonin kuma sukan cire irin waɗannan daga jimlar kafin su yi lissafi, sai kason ya ƙara kyau.

Adalci ya sa dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowane ragin diyya ne zalunci ba, kuma mai son auna kamfani ya kamata ya iya bambancewa. A takardar inshorar gobara akwai sharaɗin da ke cewa idan ka yi wa kaya inshora ƙasa da ƙimarsu, za a rage diyyar daidai da wannan gibin. Mai shagon da ke da kayan naira miliyan 40, ya rubuta miliyan 20 domin ya rage kuɗin da zai biya, idan wuta ta ci kayan miliyan 10, miliyan 5 zai samu, domin rabin kayansa ya yi wa inshora. Daga wannan kuma za a cire ɗan kason farko na asara da takardar ta ɗora wa mai kaya. Haka nan inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwan sama sai an ƙara ambaliya a cikin takardar, abin da duk wanda ya ga dilolin yadi jiƙe a Kwari ya kamata ya riƙe.

Abin da ke raba kamfanin kirki da wanda ba shi ba shi ne lokacin da yake yi maka wannan bayani. Na taɓa raka wani ɗan'uwana mai sayar da shadda zuwa ofishin wani kamfani kafin ya yi inshora. Jami'ar da ta karɓe mu ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta tambaye shi, "Alhaji, kayan da ke shagon a watan azumi da na bayan babbar salla ɗaya suke?" Ya yi dariya ya ce ina, kafin salla kayan sukan ninka. Sai ta jawo takarda ta yi masa lissafin da na kawo a sama da biro, ta ce ya zaɓi ƙimar da ta dace da lokacin da shagon ya fi cika, ya kuma riƙa ajiye kwafin rasiɗai da littafin shigar kaya a gida, domin idan suna cikin shagon tare za su ƙone. Wannan rabin sa'a ta gaya mini abin da takardar talla ba za ta gaya mini ba.

A Najeriya, ina mutum zai samu alƙaluman da ba daga bakin ejan suka fito ba?

Hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi tana kuma sa musu ido ita ce NAICOM, wadda aka kafa da dokar 1997, hedikwatarta kuma tana Abuja. A shafinta na intanet akwai jerin kamfanoni da dillalan da ke da lasisi, kuma nan ne wurin farawa, domin wanda babu sunansa a jerin ba a ma kai ga maganar kaso da shi ba. Hukumar tana fitar da rahotannin kasuwa da ke nuna kuɗin da kamfanoni suka tara da diyyar da aka biya, an rarraba su bisa nau'in inshora. Waɗannan suna ba ka ma'aunin da za ka gwada kamfani da shi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, ita ma tana wallafa kundin alƙaluman mambobinta na shekara.

Wuri mafi amfani shi ne rahoton kuɗi na shekara na kamfanin kansa, wanda masu binciken kuɗi na waje suka sa wa hannu. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya dole ne su wallafa shi, sauran ma da yawa suna sa shi a shafinsu. Rahoton yana da kauri, amma ba sai ka karanta duka ba. Ka buɗe shi a waya ko kwamfuta ka nemo `claims paid`, wato diyyar da aka biya, da `outstanding claims`, wato diyyar da ake bin kamfanin. Idan karatun ya yi maka nauyi, akawun da ke yi maka lissafin haraji zai iya duba shi cikin ɗan lokaci. Kamfanin da rahotonsa na ƙarshe ya kwana shekara biyu ko uku baya, wannan jinkirin kansa alama ce, domin mai labari mai daɗi ba ya ɓoye shi.

Me ya sa ake cewa tsawon lokacin biya ya kai yawan biyan muhimmanci?

Saboda ɗan kasuwa da jari yake rayuwa, kuma jarin da ya ƙone yau idan aka mayar da shi bayan wata goma sha huɗu ba shi ne aka mayar ba. A tsakanin nan farashin dila ya tashi, abokan ciniki sun koma maƙwabcin shago, mai ba da kaya bashi ya fara kira. Kason biyan diyya ba ya ganin wannan ko kaɗan. Buƙatar da aka biya cikin mako uku da wadda aka biya bayan shekara guda matsayinsu ɗaya a lissafinsa.

Yana da kyau mutum ya san matakan, domin ya gane inda jinkiri ke ɓuya. Bayan ka sanar da kamfani a rubuce, yakan aiko da mai ƙiyasta asara, wanda ƙwararre ne mai zaman kansa, ya duba wurin, ya nemi rasiɗai da rahoton hukumar kashe gobara da na 'yan sanda, sannan ya rubuta rahoto. Daga nan kamfani zai ba ka takardar da ke ɗauke da adadin da ya amince zai biya, ka sa hannu, sai a tura kuɗi. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 bayan fitar da wannan takarda ya biya, idan kuma bai amince da buƙatar ba ya rubuto dalilinsa. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sanya wa hannu a 2025 ta maye gurbinta. Abin lura shi ne kamfanin da ke son jan ƙafa galibi ba a matakin ƙarshe yake ja ba. Yakan ja ne tun kafin a kai ga takardar sa hannu, ta hanyar neman takardu ɗaya bayan ɗaya: ka kawo wannan, bayan mako biyu a ce saura wancan. Don haka ka nemi a ba ka, tun kafin ka biya, cikakken jerin takardun da ake buƙata idan gobara ta auku, da adadin kwanakin da kowane mataki ke ɗauka, a rubuce a kan takarda mai tambarin kamfani.

A rahoton kuɗi na kamfanoni da yawa akwai jadawalin da ke rarraba diyyar da ake bin su bisa tsawon kwanakin da ta yi, daga wadda ba ta kai wata uku ba har wadda ta haura shekara. Ni wannan jadawali na fi amincewa da shi a kan duk wani kaso. Idan mafi yawan kuɗin yana layin farko, kamfanin yana aiki ne yana sallamar mutane. Idan kuwa layin sama da shekara ne ya fi nauyi, kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara, to akwai mutane da yawa da ke zaune suna jira, kuma babu dalilin da zai sa ka ɗauka kai ba za ka bi sahunsu ba.

Na ga mutane suna ta kuka da wani babban kamfani a intanet, ƙaramin kuma ban ji an ambace shi ba. In guji babban ke nan?

Yawan ƙorafi ba ya da ma'ana sai an gwada shi da yawan abokan hulɗa. A ƙaddara babban kamfani yana da mutum 200,000 da suka yi inshora, aka kai ƙorafi 400 a kansa; wannan ƙorafi 20 ne a kowane mutum 10,000. Ƙaramin yana da mutum 10,000, aka kai ƙorafi 60. Wannan ninki uku ne na babban, duk da cewa 60 ya yi ƙasa da 400 nesa ba kusa ba. Ƙasashen da suka tsara wannan fanni da haka suke aunawa. A Amurka, ƙungiyar kwamishinonin inshora, NAIC, tana fitar da ma'aunin da ke gwada kason ƙorafin kamfani da kasonsa a kasuwa, inda 1.00 ke nufin daidai da girmansa, abin da ya haura kuma yana nufin ƙorafi ya fi ƙarfin girmansa. A Birtaniya, ofishin da ke sasanta rikicin kuɗi tsakanin jama'a da kamfanoni yana wallafa yawan ƙorafin kowane kamfani tare da kason waɗanda aka ba mai ƙorafi gaskiya.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya kamata mai saye a Kano ya aro, ko da ba shi da jadawali a gabansa. Ka duba abin da ake kuka a kai. Kukan cewa ba a ɗaga waya ko takarda ta makara abin haushi ne, amma bai kai kukan cewa an sa hannu a kan adadin diyya wata shida da suka wuce kuma kuɗi bai shigo ba. Wannan nau'in na biyu, idan ya maimaitu daga bakin mutane daban-daban, yawanci yana nuna cewa kamfanin ba shi da kuɗi a hannu. Ka kuma duba ko kamfanin yana amsawa da warwarewa, ko kuwa shiru yake yi.

NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma mutum yana iya kai kukansa can bayan ya rubuta wa kamfanin bai samu biyan buƙata ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓa. Sai dai mutanenmu da yawa ba sa rubuta ƙorafi. Sukan ce ƙaddara ce, su bar wa Allah, su sake neman jari wurin 'yan'uwa. Saboda haka ƙarancin ƙorafi a rubuce daga Kano ba ya tabbatar da cewa babu waɗanda aka cuta. Hanyar da ta fi dacewa da garinmu ita ce ka je wurin shugabannin layinku ko ƙungiyar kasuwarku ka tambaya wa ya taɓa yin asara yana da inshora, sannan ka je ka same shi. Kada ka tsaya a kan wanda ya saya bai taɓa nema ba, domin shi bai ga komai ba tukuna. Ka tambayi wanda ya nema nawa ya rubuta, nawa aka ba shi, kwana nawa ya ɗauka, sau nawa kuma aka sa ya je Legas ko ya jira amsa daga can.

Yaya zan san kamfanin yana da ƙarfin biya, ba niyya kaɗai ba?

Ka fara da jari. Shekaru da dama mafi ƙarancin jarin da doka ta nema shi ne naira biliyan 2 ga kamfanin inshorar rai da biliyan 3 ga na sauran kadarori. Dokar 2025 ta ɗaga shi zuwa biliyan 10 da biliyan 15, na kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora kuma biliyan 35. Ka tambayi kamfanin ko ya cika wannan sharaɗi, ka kuma tabbatar daga sanarwar NAICOM. Sannan a rahoton kuɗi ka nemo `solvency margin`, wanda ke nuna rarar kadarorin kamfani a kan bashin da ke wuyansa. Idan rarar ta gaza abin da doka ta nema, masu binciken kuɗi sukan ambata hakan a farkon rahoton.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A watan Yuni na 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, kuma na farkon tsohon kamfani ne da sunansa ya daɗe a kunnen jama'a. Tsufan suna da girman gini ba sa cikin abin da ake biyan diyya da shi.

Akwai wani ma'auni da ake yawan rikita shi da kason biyan diyya, wato diyyar da ta hau kan kamfani idan aka gwada ta da kuɗin inshorar da ya tara. Kamfanin da ya tara naira 100 ya fitar da naira 12 a matsayin diyya shekara bayan shekara, alhali takwarorinsa a nau'in inshora ɗaya suna fitar da ninkin haka, akwai alamar hannunsa a damƙe yake. Wanda kuma yake tara 100 yana fitar da 110 shekaru a jere yana cin jarinsa ne, kuma ba zai daɗe a haka ba. Ana neman wanda ke tsakani, kusa da takwarorinsa.

Ga mai shago a kasuwa akwai ƙarin tambaya guda. Gobarar kasuwa ba ta cin shago ɗaya, takan ci layi ko layuka, don haka kamfanin da ya yi wa shaguna hamsin inshora a wuri ɗaya zai fuskanci buƙatu hamsin a dare guda. Abin da ke ceton sa shi ne ya riga ya miƙa wani ɓangare na haɗarin ga manyan kamfanoni irin su Africa Re ko Continental Re. Ka tambaya su wa ke tsaya masa a inshorar gobara. Idan kuma yana da darajar da kamfanonin auna ƙarfin kuɗi irin su Agusto & Co ko GCR suka ba shi, ka duba shekarar da aka bayar, domin darajar shekara huɗu baya ba ta magana a kan yau.

Idan wani ya ba ni farashi mai rahusa sosai fa?

Araha ba ta ado. A inshorar mota ta dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, NAICOM ta ƙayyade naira 15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, tare da diyyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wanda ya miƙo maka takarda a ƙasa da haka, mai yiwuwa ta bogi ce, kuma kana iya tabbatarwa da lambar motarka a shafin `askniid.org`. A inshorar shago babu farashi ɗaya, amma idan kamfanoni uku sun yi kusa da juna, na huɗu ya zo da rabi, ka karanta abin da ya cire daga takardar da kuma kason asarar da ya bar maka.

Kamfanonin takaful su ma da wannan ma'auni ake auna su?

Da shi ake auna su, da ƙari a kai. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. A tsarin takaful, gudummawar mahalarta tana shiga asusun taimakon juna wanda aka ware daga kuɗin masu kamfanin, daga nan ake biyan wanda ya yi asara, kamfanin kuma yana ɗaukar ladan wakilci ko kaso daga ribar juya kuɗin. Mutane da yawa a Kano sun natsu da wannan tsari ta fuskar addini, kuma natsuwar tana da tushe. Amma halaccin tsari bai ɗauke wa mutum nauyin bincike ba; asusun mahalarta ma yana iya yin rauni, mai ƙiyasta asara ma yana iya makara.

Saboda haka bayan tambayoyin yawan kuɗi da tsawon lokaci, ka tambayi kaso nawa na gudummawarka ke tafiya a ladan wakilci, domin abin da ya rage ne kawai ke shiga asusun biyan asara. Ka tambaya ko an taɓa raba wa mahalarta rarar asusun, a waɗanne shekaru. Ka tambaya ko asusun ya taɓa gazawa har masu kamfanin suka ba shi rance marar ruwa, kuma ko an mayar. Rance na shekara guda bayan babbar asara ba abin damuwa ba ne, amma asusun da ke rayuwa a kan rance kullum yana da matsala. Kowane kamfanin takaful yana da majalisar malamai masu ba shi shawara, kuma kana da damar neman sunayensu da rahotonsu na shekara.

Ta hannun wa ya kamata in saya, kuma me zan riƙe a hannuna ranar da na biya?

Ejan wakilin kamfani ne, kayan kamfaninsa yake tallatawa. Dillalin inshora mai lasisi kuwa yana hulɗa da kamfanoni da yawa kuma a ƙa'ida wakilinka ne, shi zai bi maka diyya idan asara ta zo. Dillalan da ke da rajista suna ƙarƙashin majalisarsu, NCRIB, kuma sunansu yana jerin NAICOM. Amfaninsu a wannan magana shi ne sun ga yadda kamfanoni daban-daban ke yi a ranar biya. Da yake shi ma kamasho yake samu daga kamfanin da ya kai ka, ka tambaye shi kai tsaye buƙatun gobara nawa ya bi a wannan kamfani cikin shekara biyu, da yadda suka ƙare, ka kuma nemi ya kawo maka farashin kamfanoni uku.

Ranar biya, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin ko na dillalin mai lasisi, ba asusun wani mutum ba, komai sabonku da shi. Tun daga Janairun 2013 ake aiwatar da ƙa'idar cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka idan kuɗin ya tsaya a aljihun ejan, kamfani zai ce bai san da kai ba, kuma buƙatarka ba za ta ma shiga lissafin waɗanda aka ƙi ba. Ka karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya, ka duba cewa sunanka da lambar shagon da layin da sunan kasuwar da ƙimar kayan duk daidai suke, kuma idan kana da ɗakin ajiya a wani wuri, kamar Sharaɗa ko Bompai, an rubuta adireshinsa daban. Sannan ka kira lambar kamfanin da ke shafinsa, ba wadda ejan ya ba ka ba, ka karanta musu lambar takardarka su tabbatar maka tana cikin rajistarsu, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka kai asalin takardar gida.